"Mun Canja Asusu": Kiran Waya Kafin a Tura Kuɗi

A ranar 23 ga Agusta, 2017, wani kamfanin gine-gine mai suna Clark Builders ya tuntuɓi Jami'ar MacEwan da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada da wata tambaya irin wadda kowane ɗan kwangila ya saba yi: ina kuɗinmu? Ma'aikatan sashen kuɗi na jami'ar suka duba littattafansu, suka ga ai an riga an biya, har sau uku ma. An tura dalar Kanada miliyan 1.9 ranar 10 ga wata, an tura dubu 22 ranar 17, sannan an tura miliyan 9.9 ranar 19. Jimilla dala miliyan 11.8 sun fita daga asusun jami'a, amma ko kwabo bai shiga hannun kamfanin da ya yi aikin ba.

Babu wanda ya fasa ɗakin ajiyar kuɗi, babu wanda ya kutsa cikin na'urorin banki. Saƙonnin imel ne suka iso ofishin kuɗi ɗauke da suna da tambarin kamfanin, suna cewa kamfanin ya canja bayanan asusunsa na banki, don haka a gyara su a rajistar jami'a. Ma'aikata suka gyara. Daga wannan rana duk kuɗin da aka sa wa hannu da sunan Clark Builders sai ya zarce asusun 'yan damfara. An bi sawun kuɗin zuwa Montreal da Hong Kong, kuma bayan watanni ana fama da lauyoyi da kotuna jami'ar ta sanar a 2018 cewa ta dawo da miliyan 10.92. Ta yi sa'ar da ba kowa ke samu ba. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne kamfanin na gaskiya yana nan cikin gari ɗaya da jami'ar, kuma jami'ar ta daɗe da saninsa. Da wani ya ɗaga waya ya ce, "Shin ku ne kuka ce a canja muku asusu?" da maganar ta mutu a nan.

Wannan nau'in damfara ya zama babbar sana'a a duniya. Cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata rahoton asarar fiye da dala biliyan 2.9 ta hanyar damfarar imel ɗin kasuwanci, kuma canjin asusu na ƙarya na daga cikin manyan rassanta. Manyan kamfanonin fasaha ma ba su tsira ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi wa wani kamfani rajista a Latvia da sunan Quanta Computer, wato sunan kamfanin Taiwan da ke ƙera wa Google da Facebook kayan na'ura, ya riƙa aika musu takardun neman biya, har ya kwashi fiye da dala miliyan 100 kafin a kama shi. Kotun New York ta ɗaure shi shekara 5 a 2019.

Yadda ake ƙulla abin yana da sauƙin fahimta, kuma fahimtarsa ce ke nuna dalilin da ya sa amsa saƙo da saƙo ba ya kare kowa. Ɗan damfara yana da hanya biyu. Ta farko, ya yi rajistar adireshin imel da ya yi kama da na mai kawo kaya, ya sauya harafi ɗaya ko ya juya biyu, yadda ido mai sauri ba zai lura ba. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ya saci kalmar sirrin akwatin imel na ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya shige ciki. Idan ya shiga ba ya gaggawa. Yakan yi makonni yana karanta wasiƙu, ya san wane kaya aka yi oda, nawa ne farashi, wa ke sa hannu, yaushe za a biya, har da irin gaisuwar da mai kamfani ke buɗe wasiƙa da ita. Yakan kuma kafa wata ƙa'ida a cikin akwatin wadda za ta riƙa kawar da duk saƙon da ya fito daga mai saye zuwa wani lungu, don kada mai akwatin ya gani. Ranar da takardar kuɗin kaya ta gaskiya ta fito, sai ya ɗauke ta, ya bar komai yadda yake, suna da tambari da adadin kaya da farashi, ya canja layi ɗaya kawai, layin lambar asusu. Sai ya haɗa da ɗan uzuri: ana binciken tsohon asusunmu, ko bankinmu yana jinkirta kuɗin da ke shigowa, a daure a biya ta wannan.

Mai saye da ya yi shakka ya danna amsa ya tambaya, "Da gaske kun canja asusu?" to ɓarawon ya tambaya, kuma ɓarawon ne zai amsa masa da "Ƙwarai kuwa."

Ɗan kasuwar da ke zaune a Kantin Kwari yana yin odar yadi daga Guangzhou, ko wanda ke Dawanau yana sayar da riɗi da zoɓo ga masu saye na ƙetare, ko ɗan kwangilar da ke kai wa makaranta ko asibiti kaya yana jiran akanta ya tura masa kuɗi, duk suna cikin wannan rijiya, sai dai su ba lallai ta imel abin zai zo ba. Yawancin cinikinsu a WhatsApp ake yi, kuma shi ma ana sace shi. Ana kiran mutum a yaudare shi ya karanto lambobi 6 da aka turo masa ta tes, da zarar ya karanta an ɗauke asusunsa zuwa wata wayar. Daga nan abokan cinikinsa za su fara samun saƙo daga lambarsa, da hotonsa a sama, cewa asusunsa na kullum ya samu matsala, a tura ta wannan na yaronsa. Wanda ya shekara goma yana hulɗa da wannan lamba ba shi da dalilin zargi a fili.

A nan ne matsalar mai kaya na gaskiya take, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Mutane suna canja asusu don dalilai na halal. Wani ya bar banki ya koma wani, wani ya yi wa kasuwancinsa rajista a hukumar CAC ya daina karɓar kuɗi da sunansa na kansa, wani ya buɗe asusun dala, wasu kuma abokan haɗin gwiwa ne suka rabu. Dole ya sanar da masu saye. To amma wasiƙarsa ta gaskiya da wasiƙar ɓarawo ba su da bambanci a ido, dukkansu cewa suke "mun canja asusu". Idan ya saba wa abokan cinikinsa da cewa saƙo ɗaya ya isa a canja inda ake tura kuɗi, ya share wa ɓarawo hanya da hannunsa. Saboda haka mai kaya mai hankali yana da aiki biyu, kuma na farkon ana yin sa ne tun ba a canja komai ba.

Aikin farko shi ne gargaɗi na dindindin. Tun ranar da aka ƙulla hulɗa, a gaban juna ko a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, a rubuta lambar asusu, a rubuta lambar wayar da za a riƙa kira don tabbatarwa, a kuma faɗi sunan mutum ɗaya ko biyu da su kaɗai ke da ikon cewa an canja. Sannan a ƙasan kowace takardar kuɗin kaya da kowane rasit a buga magana a fili, misali: "Ba ma canja asusunmu ta imel ko WhatsApp kaɗai. Duk wanda ya samu saƙon da ke cewa mun canja, kada ya biya sai ya kira mu ta lambar da ya saba kiranmu." Sai dai a san iyakar wannan rubutu. Ɓarawon da zai iya canja lambar asusu a takarda zai iya goge gargaɗin, ko ma ya bar shi ya canja lambar wayar da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fi muni, domin mai saye zai kira ya ji an tabbatar masa ya biya da kwanciyar hankali. Shi ya sa gargaɗin da ya fi aiki shi ne wanda aka faɗa da baki kuma aka maimaita, har ya zama mai saye ya haddace shi kafin ranar da zai buƙace shi.

Aiki na biyu shi ne ranar da canjin gaskiya ya zo. A ɗauka wani dilan shinkafa a Kano yana da manyan masu saye guda arba'in, ya buɗe sabon asusu da sunan kamfani. Kuskure ne ya bari sai ya tura takardar kuɗin kaya ta gaba sannan a ga sabuwar lamba a ƙasanta. Ya kamata sanarwa ta fita ita kaɗai, ba a haɗe da neman wani kuɗi ba, kuma ta fita da wuri, kamar wata guda kafin ranar da canjin zai fara aiki. Ta faɗi ranar. Ta faɗi lambobi huɗu na ƙarshe na tsohon asusu don mai saye ya san wanne ake maye gurbinsa. Ta fita ta hanya fiye da ɗaya, wato takarda mai sa hannu da yaron shago ko direban da aka sani zai kai, da kuma saƙo. Kada a rufe tsohon asusu nan take, a bar shi a buɗe na 'yan makonni, a kuma faɗa a sanarwar cewa duk wanda bai samu damar tabbatarwa ba ya ci gaba da biya a tsohon. Wannan jimla ɗaya tana raba mai gaskiya da ɓarawo fiye da kowane tambari, domin ɓarawo ba zai taɓa cewa "in kana shakka ka biya a tsohon asusu" ba. Shi kullum tsohon asusu ya lalace, kuma kullum yau ake bukatar kuɗin.

Abu na ƙarshe a sanarwar, wanda shi ne zuciyarta, roƙo ne: kada ku yarda da wannan takarda, ku kira mu. Kuma kada a sa sabuwar lambar waya a cikinta. A ce kawai a kira lambar da aka saba. Wasu 'yan kasuwa suna ganin wannan kamar zubar da girma ne, wai mutum ya ce a bincike shi. A ra'ayin mai wannan rubutu, babu abin da ya fi nuna dattaku a ciniki irin mai kaya ya ce wa abokin hulɗarsa kada ya amince da takardarsa sai ya ji muryarsa, domin kuɗin abokin nasa yake karewa.

Wata shari'a daga Afirka ta Kudu ta nuna ƙarfin gargaɗi da kuma abin da ke faruwa idan babu shi, duk a ciniki ɗaya. A 2019 wata mata ta sayi gida a kan rand miliyan 6. Kamfanin dillancin gidaje da ya haɗa cinikin, Pam Golding Properties, ya gargaɗe ta game da damfarar canjin asusu, ya ce ta kira ta tabbatar kafin ta biya. Ta kira, ta tabbatar, ta biya kuɗin kafin alƙalami rand dubu 500, suka isa lafiya. Sauran rand miliyan 5.5 kuma za ta biya su ne a asusun amana na ofishin lauyoyin mai sayarwa, wato ENS, ɗaya daga cikin manyan ofisoshin lauyoyi na nahiyar. Ashe wani ya riga ya shiga akwatin imel ɗinta. Ya tare wasiƙar lauyoyin, ya canja lambar asusu, ya aiko mata daga adireshin da ke ƙarewa da `ensafirca.com` maimakon `ensafrica.com`. Haruffa biyu kawai aka juya. A watan Agusta ta je banki ta tura kuɗin, wannan karon ba tare da ta tabbatar da lambar asusun ta waya ba, kuma kafin a gane an kwashe su.

Ta kai ƙarar lauyoyin cewa sun san da wannan haɗari amma ba su gargaɗe ta ba. A Janairun 2023 babbar kotu a Johannesburg ta ba ta gaskiya, ta ce su biya ta. A Yunin 2024 Babbar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta soke wannan hukunci. Daga cikin dalilanta akwai cewa akwatin imel ɗin matar ne aka kutsa, ba na lauyoyin ba, kuma an riga an gargaɗe ta watanni kaɗan kafin nan, ta san yadda ake tabbatarwa tun da ta taɓa yi, tana da damar sake yi. Duk ɓangaren da mutum ya goya wa baya a wannan shari'a, abu ɗaya a bayyane yake: inda aka ce mata ta kira ta kira, kuɗinta ya tsira, inda kuma ba a maimaita mata ba ta tura miliyoyi bisa abin da ta gani a takarda. Gargaɗi ba abin da ake yi sau ɗaya ba ne a ɗauka ya zauna. Kowane mai karɓar kuɗi ya yi nasa, a daidai lokacin da ake shirin biya.

To shi kansa kiran, yaya ake yin sa? Domin akwai kiran da bai da amfani.

Sharaɗi na farko, mai biya ne zai kira, ba shi za a kira ba. Idan waya ta shigo wani ya ce shi ne akantan kamfanin kaza yana tabbatar da saƙon da suka aiko, wannan ba tabbaci ba ne, domin ana iya sa wata lamba ta bayyana a fuskar waya ba ita ce ke kira ba. A yi masa godiya, a kashe, a kira da kai. Sharaɗi na biyu, lambar da za a kira ta fito daga wurin da ya girmi saƙon: wadda ke ajiye a waya tun da daɗewa, ko wadda ke cikin yarjejeniyar farko, ko a jikin tsohon rasit na takarda. Idan kuma saƙon ta WhatsApp ya zo, kada a kira ta WhatsApp, a kira layin kai tsaye, domin wanda ya sace WhatsApp ɗin mutum sau da yawa bai mallaki layinsa ba. Sharaɗi na uku, a yi magana da wanda aka san muryarsa. Na huɗu kuma, wanda mutane suka fi mantawa, kada mai biya ya karanta lambar ya ce "haka ne?" Mutumin da ke tsakiyar kasuwa, ana sauke masa kaya, zai ce "e, haka ne" bai saurara ba. A bar shi shi ya karanto.

Ga yadda zai iya kasancewa tsakanin akantan wani shago da dilan shinkafar da aka ambata. Bayan gaisuwa akanta ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mun samu takarda wai kun canja asusu. Maigida ya ce kada in tura komai sai na ji daga bakinka." Alhaji ya ce, "Madalla, Malam, haka muke so. Mun canja, daga ɗaya ga wata." Akanta ya ce, "To don Allah a karanto mini sunan bankin, da sunan da ke kan asusun, da lambar gaba ɗaya, ina riƙe da takardar ina dubawa." Alhaji ya karanto lambobi goma ɗaya bayan ɗaya, akanta yana bi da biro. Sai ya ƙara da cewa, "Zan fara tura naira dubu ɗaya. In ta shiga, zan sake kira a faɗa mini nawa aka gani, sannan in tura sauran." Duka bai wuce minti uku ba. Akanta ya rubuta a bayan takardar ranar da ya kira, da lokaci, da lambar da ya kira, da wanda ya yi magana da shi. A ofishin da ke da tsari, wani mutum na biyu ne zai duba wannan rubutu kafin a canja lambar a rajista, don kada wanda ya karɓi saƙo ya zama shi ne mai tabbatarwa kuma shi ne mai biya.

Kuɗin gwajin nan yana da amfani ne kawai idan an tabbatar da shigarsa ta waya. Idan saƙo aka jira ya ce "mun gani", ɓarawo ma ya gani, tun da asusunsa ya shiga.

Akwai kuma kiran da aka fara ba a ƙarasa ba, kuma wata kotu a Yammacin Ostireliya ta yanke hukunci a kansa a ƙarshen 2024. Kamfanin aikin lantarki mai suna Mobius Group ya yi wa kamfanin Inoteq aiki, ya aika takardun neman biya a 2022. Wani ya kutsa akwatin imel na daraktan Mobius, ya aika daga ainihin adireshin cewa an canja asusu. Ma'aikatan Inoteq sun yi shakka, sun kuma yi abin da ya dace, suka kira waya. Sai dai layin bai da kyau, ba a ji amsar da aka bayar ba. Maimakon a sake kira, sai aka tura imel ana neman hujjar canjin, ɓarawon da ke zaune cikin akwatin ya aiko da hujjar da ya ƙirƙira, aka tura masa kimanin dalar Ostireliya dubu 235. Kaɗan daga ciki aka iya dawowa da shi. Kotu ta ce bashin Mobius yana nan bai faɗi ba, ta umarci Inoteq ya biya fiye da dala dubu 190, duk da cewa akwatin Mobius ɗin ne aka kutsa. Wannan hukuncin wata ƙasa ne, kuma kowace shari'a da hujjojinta, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa kowane ɗan kasuwa ya san shi: wanda ya ba ɓarawo kuɗi bai biya mai kaya ba. Ga wanda ke kasuwanci inda sabis ke ɗaukewa a tsakiyar magana, darasin a kusa yake. In ba a ji ba, ba a tabbatar ba. A sake kira, ko a jira gobe, ko a tashi yaro ya je shagon.

Wani zai ce a Najeriya ai akwai kariya, tun da duk wanda ya shigar da lambar asusu mai lamba 10 a manhajar banki sunan mai asusun yana fitowa kafin a tura. Gaskiya ne, kuma babbar ni'ima ce. Birtaniya ba ta fara irin wannan tantance suna ba sai a 2020. Idan takarda ta ce kamfani amma allon waya ya nuna sunan wani mutum da ba a sani ba, a tsaya nan take. Amma wannan kariya tana da ramuka biyu. Na farko, ana iya buɗe asusu da sunan kasuwanci mai kama da na gaskiya, kamar yadda Rimasauskas ya yi da Quanta, a ƙara kalma ɗaya ko a rage. Na biyu kuma al'adarmu ce ta haƙa shi: an saba a ce "tura ta asusun ƙanena" ko "ta na yaron shago", har ganin baƙon suna ya daina tayar wa mutane hankali. Mai kayan da ke yawo da masu saye daga wannan asusu zuwa wancan ya sani cewa yana koya musu halin da za a cuce su da shi ne. A kuɗin da ake turawa ƙetare kuwa, galibi ba a ganin sunan mai asusu kafin a tura. A nan alamar da ta fi ƙarfi ita ce ƙasa: masana'anta tana Guangzhou, shekara da shekaru ana biyanta a can, yau kuma an ce a tura wata ƙasa da ba ta taɓa shiga maganar ba, ko da sunan wani kamfani daban.

Kiran waya ma yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Idan an sace layin mutum gaba ɗaya ta hanyar sauya katin waya, kiran zai faɗa hannun ɓarawo. Shi ya sa sanin murya yake da muhimmanci, shi ya sa kuma yake da kyau a ajiye lambobi biyu na mutum biyu a kowane kamfani da ake hulɗa da shi. Idan wanda ya ɗauka ya ce yana cikin taro ba zai iya magana ba a yi ta saƙo, ko muryar ba ita ba ce, a kira na biyun. Idan kuɗin yana da yawa kuma tafiyar ba ta da nisa, ƙafa ta fi waya. Mai kaya shi ma ya rufe ƙofarsa: ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp, kada ya karanta wa kowa lambobin da aka turo masa, ya kuma riƙa bibiyar bashinsa da wuri. A MacEwan kwana 13 ne tsakanin biyan farko da ranar da aka gane, kuma mafi girman kuɗin ya fita ne a cikin waɗannan kwanaki.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, an tura, to sa'o'in farko su ne komai, domin ɓarayi suna rarraba kuɗin zuwa wasu asusu da zarar ya sauka. A kira banki nan take, ba gobe ba, a nemi ya tuntuɓi bankin da ya karɓa don a hana fitar da kuɗi daga asusun, abin da ma'aikatan banki a Najeriya ke rubutawa da `PND`. Idan ƙetare aka tura, a nemi banki ya aika buƙatar dawo da kuɗin. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin ci gaba da riƙe asusu yakan buƙaci umarnin kotu. Kada a goge saƙo ko ɗaya. Shi kuma mai kayan da aka yi amfani da sunansa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ɓarawon da ya shiga akwatinsa ya ga sunayen dukkan masu sayensa, kuma mai yiwuwa ya riga ya aika wa wasu. Ya canja kalmar sirri, ya sa a duba ƙa'idojin da aka kafa a akwatin, sannan ya ɗauki waya ya kira su ɗaya bayan ɗaya a ranar.

Ga duk mai sayar da kaya da ke karanta wannan: kada ka jira ranar da za ka canja asusu. A makon nan ka kira manyan masu sayenka, ka karanta musu lambar asusunka, ka ba su lambar waya ta biyu, ka ce musu da bakinka, duk ranar da suka ga saƙo da sunanka yana cewa an canja, kada su tura ko naira ɗaya sai sun kira sun ji muryarka.